Murya ta maƙale a ƙofar direba: yadda ake saita firosesa a mota

"Salamu alaikum Masta. Na sa firosesa mai canel 8 a Korola ta a Magazin, tuwita biyu a saman dashbod, sifika biyu a ƙofa, sab ɗaya a but, kowanne da canel ɗinsa a amf. Ƙara kam akwai, amma sautin bai fita tsab ba, murya duk tana ƙofar hagu, bes kuma daga baya yake zuwa. Na tura balans dama na ɗaga tirebul a ikwalaiza, abin sai ƙara ɓaci yake. Dan Allah ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam ƙanina. Toh da farko dai cire hannunka daga ikwalaizar nan, mayar da komai sifili, balans ma ya dawo tsakiya. Ba wai kayanka ne ba su da kyau ba, jerin aikin ne aka juya, ikwalaiza ita ce ta ƙarshe kai kuma da ita ka fara. Abin da ke damun motarka yawancinsa lokaci ne, wato wace sifika ce sautinta ke riga isa kunnenka, kuma lokaci ba balans ke gyara shi ba, ba tirebul ba.

Ka duba inda kake zaune. Mu nan Gana sitiya a hagu take, kai direba kana manne da ƙofar hagu, sifikar dama kuwa tana can tsallake. Sauti a iska yana tafiyar kusan mita 343 a sakan ɗaya, in ka rage shi ya zama santimita 34.3 a milisakan ɗaya. A mota irin taka bambancin nisa tsakanin hagu da dama yakan kai santimita 40, kenan sautin hagu yana riga na dama da milisakan ɗaya da ɗan ɗoriya. Za ka ce wannan ai ba komai bane, amma kunnen ɗan Adam da abin da bai kai haka ba yake gane inda sauti ya fito, in sauti iri ɗaya ya zo daga wuri biyu wanda ya fara isowa shi ƙwaƙwalwa ke kamawa ta ce daga nan yake. Ka san yadda in kana tsaye a Aboabo lasifika biyu na masallaci ɗaya suna kiran salla, kai dai ta kusa da kai kake ji ita ce mai kiran, ɗayar sai ta zama amsa-kuwwa kawai? Haka ne a cikin motar, sai dai a nan tazarar ta yi ƙanƙanta har ba ka jin ta a matsayin amsa-kuwwa, kawai muryar ce ke zamewa ta manne a ƙofarka.

Kuma ba wurin muryar kaɗai abin ke ɓatawa ba, har ɗanɗanonta. In sifika biyu suna fidda abu ɗaya ɗayar ta makara da tafiyar santimita 39 ko 40, akwai firikwensin da daidai lokacin da ta hagu ke turo iska ta dama ke janyewa, sai su cinye juna a kunnenka. Da irin wannan tazarar abin yana faɗawa wajen 430 zuwa 440 Hz, ya sake dawowa wajen 1.3 kHz, nan kuwa jikin muryar mutum yake. Shi yasa kake jin muryar ba nauyi, ka ɗaga tirebul don ta fito sai ka samu tsini a saman rami. Ramin da sifika biyu suka haƙa da kansu ko ka ɗaga 440 Hz har ƙarshe ba zai cike ba, don duka biyun kake ƙara wa ƙarfi kuma duka biyun ke cinye juna.

Kafin mu kai ga dile, wato jinkirin da firosesa ke sa wa sifika, akwai sharar fage, zan wuce ta da sauri amma kar ka tsallake. A rediyon motar kashe `LOUDNESS`, `BASS BOOST` da duk wani `ROCK` ko `POP` da aka zaɓa, in shi ma rediyon yana da nasa `TIME ALIGNMENT` kashe shi, wuri ɗaya ake yin aikin nan ba biyu ba. Sai ka tabbatar kowane canel a manhajar firosesar yana zuwa sifikar da sunansa ya ce, ka yi miyut ɗin duka ka riƙa buɗe ɗaya-ɗaya a ƙaramin bolum. Sau da yawa mota na fitowa daga hannun mai haɗa waya hagu na dama, ko wayar filos da mainos ta sifikar ƙofa ɗaya a juye. Ta ƙofa gwajinta sauƙi ne, cire wayar daga amf ka taɓa ta da ƙaramin batir na 1.5, filos a filos, kwanon sifikar ya turo waje, duka ƙofofin biyu su yi iri ɗaya. Kar ka yi wa tuwita wannan gwajin, wayar cikinta siririya ce.

Kurosoba kuma, wato inda ake raba wa kowace sifika yankin sautinta, `HPF` na yanke ƙasa `LPF` na yanke sama, ka fara da lafiyayyun lambobi. Tuwita `HPF` a 3.5 kHz ko 4 kHz, sifikar ƙofa `HPF` a 80 Hz `LPF` daidai inda tuwita ta karɓa, sab `LPF` a 80 Hz, dukansu gangaren 24 dB irin na `Linkwitz-Riley` in manhajar na da shi. In takardar tuwitarka ta faɗi nata lambar bi ta takarda. Kuma dan Allah kar ka buɗe canel ɗin tuwita ko na sakan ɗaya ba tare da ka ga `HPF` ɗinta a kunne ba, bes ɗaya mai ƙarfi ya ishe ta ta ƙone, sai dai ka koma Magazin neman wata kuma da wuya ka samu guda ɗaya irin ta ɗaya gefen. In akwai sifikun baya su yi shiru tukuna har mu gama.

Yanzu awo. Gyara kujera yadda kake tuƙi da gaske, ba yadda kake kwantar da ita in kana jiran mutum a Kejetiya ba, ka zauna, wani ya riƙe maka tef ɗin awo, ko na tela ma ya yi. A auna daga tsakiyar kowace sifika zuwa wuri ɗaya tak, tsakiyar kanka daidai layin kunnuwa. Wasu suna auna ta hagu zuwa kunnen hagu ta dama zuwa kunnen dama, shi ma ana yi, abin dai kar ka gauraya hanyoyin biyu. Sab kuma tef ɗin ya bi kai tsaye ta saman kujerar baya gwargwadon yadda zai yiwu, ba sai ya yi daidai ƙwarai ba, zan gaya maka dalili a gaba.

Mu ɗauka ka samu lambobi irin waɗanda ake yawan samu a ƙaramar salun kamar taka, tuwitar hagu 86, tuwitar dama 126, ƙofar hagu 102, ƙofar dama 141, sab 190. Naka za su ɗan bambanta, kar ka kwafi nawa. Ba za ka iya sa sifikar nesa ta yi sauri ba, abin da firosesa ke iyawa kawai shi ne ta riƙe ta kusa ta jira, saboda haka wadda ta fi kowa nisa ita ce sifili, sauran kowa ya jira gwargwadon kusancinsa:

```
ms = (190 - cm) / 34.3

TW L   86  -> 3.03
TW R  126  -> 1.87
MID L 102  -> 2.57
MID R 141  -> 1.43
SUB   190  -> 0.00
```

Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami, don manhajoji iri biyu ne. Akwai wadda nisan kawai take so, ka rubuta mata 86, 126, 102 da sauransu ita ta yi lissafin da kanta, irin yadda rediyoyin Pioneer masu wannan saitin suke yi. Akwai kuma wadda akwatin `DELAY` ne tsagwaronsa, duk abin da ka rubuta shi za ta jinkirta, ko da ta nuna maka shi a santimita. In ka zuba nisa a akwatin dile ka yi akasin abin da ake so kenan, ka ƙara wa ta nesa jira, muryar ta ƙara shigewa ƙofarka. Yadda za ka gane, bayan ka cike lambobin duba layin `ms`, tuwitar hagu ce ya kamata ta fi kowa girman lamba, sab kuma sifili. In ka ga sab ne ke da babbar lamba to a juye kake. Haka kuma in bidiyon da kake koyo da shi na mutumin Ingila ne, su sitiyarsu a dama take, duk inda ya ce dama kai hagu ne.

Wani zai ce ai zafin Kumasi ya wuce na inda aka auna 343 ɗin nan. Gaskiya ne, a zafin digiri 30 gudun sauti na kai kusan 349, amma bambancin bai kai kashi 2 cikin ɗari ba, kuskuren riƙon tef ɗinka ma ya fi shi, manta da shi.

Sai balans. Maɓallin balans na rediyo ƙarfi kawai yake ragewa, kuma gefe guda gaba ɗaya yake ragewa, tuwita da ƙofa da komai lokaci ɗaya da adadi ɗaya. Matsalar kuwa ba iri ɗaya ba ce a sifikun biyu. Kunne a ƙasa da wajen 1.5 kHz ya fi dogara da bambancin lokaci wajen gane inda sauti yake, a sama da nan kuma ya fi dogara da bambancin ƙarfi. Kenan sifikar ƙofa dile ne babban maganinta, tuwita kuma lebul. Da ka tura balans dama, saman muryar, su "s" da "sh", sun bi balans sun tafi dama, ƙirjin muryar ya zauna a hagu don har yanzu shi ke riga isowa, ka raba mutum ɗaya gida biyu, shi ne ɓacin da ka ji. Ga wani abin kuma, sifikar ƙofar hagu ba kai take kallo ba, gwiwarka da ƙafar fasinja take kallo, kai kana can sama a gefenta, ita kuwa mai inci 6.5 daga wajen 2 kHz zuwa sama ta fara harba sauti gaba kawai, gefe na samun kaɗan. Ta dama duk da nisanta ta fi fuskantarka. To ka ga ta hagu ta fi ƙarfi a ƙasa amma tana iya fin rauni a sama, maɓalli ɗaya ba zai iya da wannan ba.

Saboda haka balans na rediyo ya zauna a tsakiya har abada, lebul a cikin firosesa za ka yi shi canel-canel. Ƙa'idar ita ce in nisa ya ninka sauti na raguwa da 6 dB. Da lambobinmu tuwitar hagu ta fi ta dama da kusan 3 dB, ƙofar hagu ma kusan haka a takarda, amma cikin mota gilashi da roba suna dawo da sauti, bambancin ba ya cika kai na takarda musamman a ƙofa. Ni nakan fara da rage tuwitar hagu 3 dB, ƙofar hagu 1.5 ko 2 dB, daga nan kunne ya ƙarasa. Ka lura ragewa nake cewa, ba a ɗaga na dama, a firosesa duk abin da za ka iya samu ta ragewa kar ka neme shi ta ƙarawa.

Tef ya kawo ka kusa ne kawai, ƙarashen na kunne ne, kuma nan nake so ka ba shi lokaci. Samo murya ɗaya tilo ba kiɗa, karatun Alƙur'ani mai kyawun ɗauka ko mai karanta labarai, in manhajar na da `MONO` kunna shi don hagu da dama su samu abu ɗaya sak. Ba boyis not na Wasaf ba fa, wannan an matse shi ya gaji. Yi miyut ɗin tuwita da sab, bar ƙofofin biyu kaɗai, kanka a inda kake tuƙi, fuska gaba, rufe ido. Ina mai maganar yake? Inda ake so shi ne tsakiyar dashbod, ƙarƙashin madubin tsakiya, kuma ya zama dunƙule wuri ɗaya har ka iya nuna shi da yatsa. In yana hagu da tsakiya ƙara wa ƙofar hagu dile kaɗan-kaɗan, 0.02 zuwa 0.05 ms kowane taku, za ka ji yana tafiya dama. In ya wuce dawo. Sauti kullum gefen da ya riga isowa kuma ya fi ƙarfi yake bi, wannan kaɗai ka riƙe ba za ka rikice ba. In kuwa duk yadda ka juya muryar ba ta da wuri, ta bazu ko'ina ko kana jin ta a cikin kanka kamar kunne ya toshe, to wannan ba dile bane, folariti ne, ɗaya a juye take, danna `180` a canel ɗaya ka ji, in ta dunƙule nan take ka gano, sai ka koma ka gyara wayar.

Ka gama da ƙofofi ka yi musu miyut, buɗe tuwita biyu kaɗai a ƙaramin bolum. A nan bar dile yadda tef ya ba ka, da lebul za ka kawo "s" ɗin tsakiya, rabin dB rabin dB. Bayan nan ka haɗa gefe ɗaya, tuwitar hagu da ƙofar hagu kaɗai, ka ji ko sun zama abu ɗaya ko kana jin tsini a sama gurnani a ƙasa daban-daban. In sun rabu gwada juya tuwitocin biyu `180` tare, ka zaɓi inda muryar ta fi cika kuma ta fi tasowa sama. Biyun tare fa, kar ka juya ɗaya ka bar ɗaya. Daga nan duk gyaran dile da za ka yi tsakanin tuwita da ƙofa ka riƙa motsa hagu da dama da adadi ɗaya, don tazarar milisakan 1.1 da wani abu ɗin nan da ka sha wahala ka samu kar ta lalace.

Sab shi ne wanda tef ya fi yi wa ƙarya. Filtar `LPF` da kanta tana jinkirta sauti, akwatin ma in mai rami ne yana ƙara nasa, ga kujerar baya a tsakani, sai ka ga a kunne ya fi santimita 190 nisa sosai. Gwajinsa da sauti ɗaya ake yi, samo ton na 80 Hz, wato daidai inda sab da ƙofofi ke haɗuwa, buɗe su tare, ka juya sab tsakanin `0` da `180`, wanda ya fi ƙara shi ne daidai. In bambancin bai fito ba kana tsaka-tsaki ne, sai ka zaɓi canel huɗu na gaba tare, a manhajoji da yawa akwai `LINK` ko `GROUP`, ka riƙa ƙara musu dile rabin milisakan rabin milisakan har ton ɗin ya kai ƙarshen ƙarfinsa. Dabarar da ta fi sauƙi ga kunne ita ce ka juya sab ɗin da gangan ka nemi inda ton ɗin ya fi mutuwa, don wurin mutuwa ya fi wurin ƙarfi fitowa fili, ka same shi sai ka mayar da folaritin. Zango ɗaya na 80 Hz milisakan 12.5 ne, rabinsa 6 da kwata, shi yasa a nan taku manya ake yi ba irin na ƙofa ba. In ya zauna za ka ji dukan ganga ya bar but ya dawo gaban dashbod. In har yanzu kana jin shi a baya, ko dai sab ya yi ƙarfi da yawa, ko `LPF` ya haura 100 Hz, ko wani abu na kaɗawa a but ɗin, lambar mota ko murfin taya ko jak, kunne na bin wannan karkarwar ya ce ga sab can. Wannan roba da soso ke gyara shi ba laftof ba.

Toh yanzu ne muka iso ikwalaiza, kuma za ka tarar rabin abin da kake son gyarawa da ita ya riga ya tafi. In za ka iya samun maik na awo irin UMIK-1 da manhajar REW wadda kyauta ce, shi ne aikin gaskiya, in babu manhajar `RTA` ta waya za ta nuna maka manyan tsaunuka, wato wuraren da sautin ya yi yawa, a tsakiya, sai dai kar ka yarda da ita a can ƙasan bes da can saman tirebul. Inji a kashe, esi a kashe, gilasai a rufe, shi yasa aikin nan na yamma ne ko ƙarƙashin rumfa, da rana tsaka minti goma ba za ka yi ba, kuma ka riƙa tada motar jefi-jefi don batir. Kunna `pink noise`, wato ƙarar shuuu ɗin nan ta awo, ka riƙa zagaya maik ɗin a hankali daga kunnen hagu zuwa na dama manhajar na tara matsakaici, don in ka kafe shi wuri ɗaya ramukan da ke wannan tabon kaɗai za ka gani, ka matsa da santimita biyar sun canza. Canel ɗaya-ɗaya ake aunawa, ba duka tare ba.

Abu biyu kake nema. Na farko kowace sifika ta rabu da tsaunukanta, na biyu, wanda ya fi muhimmanci ma, hagu da dama su yi kama da juna. Mu ce ka auna ƙofar hagu ka ga tudu na 6 dB a 160 Hz, sannan rami mai zurfi siriri wajen 600 Hz, ta dama kuma ta fi ta hagu da 4 dB a 2.5 kHz saboda fuskantar nan da na faɗa. Tudun 160 shi ne gum-gum ɗin da ke rufe murya, a farametirik ka sa `Freq 160`, `Gain -5`, `Q 3`, ka sake awo. `Q` faɗin yankan ne, lamba ƙarama yanka mai faɗi, 1.4 ya kai oktab ɗaya, wato daga firikwensi zuwa ninkinsa, 4.3 kuma sulusin oktab, daidai da sanda ɗaya ta ikwalaiza mai ban 31. Na 2.5 kHz a dama za ka rage, kamar `-3` da `Q 2`, ba hagu za ka ɗaga ba. In ka bar shi haka, duk sanda mawaƙi ya ɗaga murya za ka ji ya zame dama ya dawo, mutane su yi ta zargin dile alhali ikwalaiza ce. Ramin 600 kuwa ƙyale shi. Sautin ne ke dukan konsol na tsakiya ya dawo ya cinye kansa, kuma kowane 3 dB da ka ɗaga ninka wutar da amf ke bayarwa ne a wurin, 6 dB ninki huɗu, sifika ta yi zafi amf ya fara yanke sauti ramin na nan inda yake. In lallai sai ka ɗaga wani wuri, ya zama kwari mai faɗi marar zurfi kuma kar ya wuce 2 ko 3 dB.

Kar kuma ka nemi layi miƙaƙƙe daga farko har ƙarshe, a mota miƙaƙƙen layi ba daɗi, bes babu sama kuma na yanka kunne. Siffar da ake bi gangare ce, ƙasa da 60 Hz ya fi tsakiya da kamar 8 zuwa 10 dB, ya sauko a hankali ya daidaita wajen 200 zuwa 300 Hz, ya tafi a kwance har wajen 2 kHz, daga nan ya riƙa sauka kaɗan-kaɗan har ƙarshe. Mu masu son haylaif da afrobit mukan ƙara wa ƙasan ɗan wani abu, ba laifi, amma da lebul na sab ake ƙarawa ba da ɗaga 100 zuwa 200 Hz a ƙofa ba, can ne laka take.

In ba maik ko kaɗan, kunne ma na yi, a hankali dai. Muryar da ke fita kamar daga cikin kwali nemi laifin tsakanin 250 da 500 Hz. Wadda ke sa ka rage bolum bayan minti biyar don kunne ya gaji, tsakanin 2 da 4 kHz ne, nan ne kunne ya fi ji. "S" mai tsiwa 6 zuwa 8 kHz. Ɗauki ban ɗaya, `Q` wajen 4, ɗaga shi 5 dB a ƙaramin bolum, ka ja shi a hankali cikin yankin har abin da ke damunka ya fito ƙarara, nan ne wurin, sai ka mayar da shi ƙasa da sifili da 2 ko 3 dB. Tirebul ɗin da kake nema sau da yawa yana nan, abin da ke ƙasa ne ya danne shi, ka rage 160 da 300 sai ka ji sama ya buɗe ba ka taɓa shi ba. Ban biyar ko shida a canel ɗaya sun isa, in ka ga ka taɓa ashirin to awon ka ke bi ba sautin ba.

Bayan ikwalaiza koma kan muryar mono ɗin nan ka sake duba tsakiya, don yankan da ka yi ya taɓa lebul, yakan ɗan taɓa lokaci ma, wataƙila rabin dB ko 0.03 ms ka gyara. Ka yi `SAVE` a cikin firosesar kanta ba a laftof kaɗai ba, wasu in ba ka tura musu ba kana kashe kii komai ya koma yadda yake, ka kuma ɗauki hoton kowane shafi da waya. Sifikun baya in kana son su dawo da su ƙasa-ƙasa, daidai inda za ka fara jin su sai ka rage kaɗan.

Abu ɗaya da ya kamata ka sani tun yanzu, saitin nan na kujera ɗaya ne. Abin da ya kawo maka murya tsakiya shi zai tura wa na gefenka ita can ƙofar dama, har ya fi da muni, don yanzu tazararsa ta ninka. In Hajiya na yawan zama gaba ko kana ɗaukar fasinja, yi `PRESET` na biyu, kurosoba ɗaya, amma dile na hagu da dama ya zama iri ɗaya, tuwitoci duka wajen 2.45 ƙofofi duka 2.00 da lambobinmu, da ɗoriyar da ka yi saboda sab, lebul ma ɗaya, kowa ya samu rabi. Sannan ka fita da motar ka gwada a titi, kama hanyar Tafo ko ta Ejisu inda za ka ɗan taka, ƙarar taya da inji a ƙasa take ita ke cinye bes, abin da ya ji daidai a tsaye zai ji ya rame a gudu. In haka ta faru ƙara wa sab 2 dB daga rimot ɗinsa, kar ka koma cikin ikwalaiza. Ka turo min lambobin tef ɗinka guda biyar da hoton shafin `DELAY` in duba maka ko manhajar taka mai son nisa ce ko mai son jira.